Na ninka hotuna 600 sun koma 6,000, makin gwaji ya kai 99.2, amma a gona abin ya ƙi

Sadiya A.: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimako kan furojet ɗina na ƙarshe, difens saura mako uku. Ina da hotunan ganyen masara guda 600 daga gonaki shida, huɗu a wajejen Saminaka, biyu a Giwa. Kala uku ne: mai lafiya 280, wanda tsutsa ta ci 230, sai mai cutar nan da ke sa ganye zane-zanen rawaya 90. Da na ga sun yi kaɗan sai na rubuta kod da ya fitar da kwafi tara daga kowane hoto, wani an juya shi, wani an karkata, wani an yanko, wani an ƙara masa haske. Na zuba duka a folda ɗaya suka zama 6,000, na raba da `train_test_split` kashi 80 horo kashi 20 gwaji, na horar da model ɗin ResNet18. Makin gwaji 99.2. Har na tura wa sufabaiza ya ce madalla. Jiya na je gonar kawuna na ɗauki sababbin hotuna 40, guda 23 kawai ya gane daidai. Ina matsalar take?

Abba Tech: Wa alaikumus salam. Model ɗin ya haddace ne kawai, abin da aka saba gani. Ki ƙara `Dropout(0.5)`, ki rage zagayen horo, ki ninka hotunan su kai 12,000. Zai gyaru.

Malam Kabiru: Abba, da hadda ce kawai da makin gwajin ya nuna ta, ai don haka ake ware gwaji. Tambayar ita ce me ya sa gwajin ya kasa tona asirin haddar. Sadiya, amsa min abu ɗaya: kin ninka sannan kika raba, ko kin raba sannan kika ninka?

Sadiya A.: Na ninka sannan na raba, Malam.

Malam Kabiru: To nan gizo yake saƙar. Ki ɗauki hoto ɗaya cikin 1,200 da suka faɗa gwaji. Yana da 'yan uwa tara da suka fito daga hoto ɗaya da shi. Kowannensu yana da damar kashi 80 cikin 100 ya faɗa ɓangaren horo. Kafin a ce duka taran sun kauce wa horo, sai 0.2 ta ninka kanta sau tara, wato kusan sau ɗaya cikin miliyan biyu. Ma'ana a cikin hotunan gwajinki 1,200 babu ko ɗaya da model bai ga ɗan uwansa ba, yawanci ma ya ga bakwai ko takwas. Ganyen nan dai shi ne, ramin da tsutsa ta yi shi ne, yatsanki da ke riƙe da ganyen shi ne, ƙasar da ke baya ita ce, an ɗan karkata su ne kawai. Kamar malami ne ya ba ɗalibi tambayoyin jarrabawa da amsoshinsu ya kwana yana bita, da safe ya sauya musu lamba ya ce sababbi ne. Maki 99.2 ɗin gaskiya ne, amma abin da ya auna shi ne ko model yana tuna hotonki idan an juya shi. Hotunan gonar kawunki 40 su ne gwaji na farko da kika yi masa.

Baffa Sule: Ni dai shawarata a irin wannan yoyon bayanai, kada ki riƙa ɗora hotunanki a Colab ko Drive a buɗe. Ki sa fasuwod mai ƙarfi. Akwai wanda aka kwashe masa aikinsa kaf wani ya je ya gabatar.

Hauwa M.: Baffa ba wannan yoyon ake nufi ba 😄 Ba ɓarawo ne ya shigo ba, hotunan gwaji ne suka zurara cikin na horo, a cikin laftof ɗinta.

Baffa Sule: Au to. Amma dai a sa fasuwod ɗin.

Abba Tech: Na yarda da maganar Malam, amma akwai hanyar ganewa cikin sauƙi. Duk inda ka ga makin gwaji ya zarce na horo to akwai yoyo. Sadiya ki duba naki.

Malam Kabiru: Wannan alamar tana yaudara ta ɓangare biyu. Idan ana karkata hotunan horo kuma akwai `Dropout`, horon ya fi gwajin wuya, don haka makin gwaji kan zarce na horo ba tare da wani yoyo ba. A irin na Sadiya kuma za ka ga layukan biyu suna tafiya manne da juna har sama, 99.5 da 99.2, ba wanda ya zarce wani, sai mutum ya ɗauka aiki ne ya yi kyau. Ga gwajin da na fi yarda da shi, don ba ya buƙatar ido. Sadiya, ki koma kan hotuna 600 na asali, ki ba kowanne lakabin ƙarya ta hanyar ƙuri'a, ɗaya cikin ukun, babu ruwanki da abin da ke jikin ganyen. Sannan ki bi hanyarki ta da sak: ki ninka, kowane kwafi ya gaji lakabin ƙaryar uwarsa, ki raba, ki horar har makin horo ya hau sosai. Tunda lakabin ba shi da alaƙa da cuta, babu abin koyo sai hadda. Idan rabonki mai tsabta ne makin gwaji zai tsaya wajen 33. Duk abin da ya haura haka da nisa, ta ɓarauniyar hanya ya shigo.

Sadiya A.: Na yi, zagaye 25. Innalillahi. Makin gwaji 91 a kan lakabin ƙarya.

Hauwa M.: Sannu. Ni ma ranar da na fara ganin irin wannan sai da na rufe laftof na fita shan iska.

Sadiya A.: To yanzu na raba 600 ɗin tun farko, 480 horo 120 gwaji, na ninka na horo kaɗai. Maki ya sauko 95. Ba daɗi amma zan iya kare shi. Shi ke nan ko?

Malam Kabiru: Kin toshe babbar kafa, saura ƙarama. Da kina gona, hoto nawa kike ɗauka a jikin shuka ɗaya?

Sadiya A.: Uku, huɗu, wani lokaci biyar. Nakan matsa kusa, in ja baya, in juya ganyen. Wani lokaci iska ta kaɗa shi sai in sake.

Malam Kabiru: Kin ga ke ma kin yi ninkin da hannunki tun kafin kod ya yi nasa. Hotuna 600 ne a folda, amma shukokin ba za su wuce 150 ba. Idan shuka tana da hoto huɗu kuma ɗaya ya faɗa gwaji, damar a ce sauran ukun duk sun kauce wa horo ita ce 0.2 ta ninka kanta sau uku, wato 8 cikin 1,000. Har yanzu kusan kowane hoton gwaji yana da ɗan uwa a horo, sai dai yanzu kamar ba ta kai ta da ba, shi ya sa makin ya ɗan sauko bai faɗi ba. Abin da za a raba shuka ce, ba hoto ba. Duk hotunan shuka ɗaya su tafi ɓangare guda.

Ba ke kika fara faɗawa ba. Tarin hotunan ƙirji na ChestX-ray14 yana da hotuna 112,120 amma na marasa lafiya 30,805 ne, kuma sigar farko ta aikin CheXNet a 2017 ta raba su barkatai, sai da aka yi magana suka koma rabawa da mara lafiya. Can mara lafiya ne, nan shuka.

```python
from sklearn.model_selection import GroupShuffleSplit
g = GroupShuffleSplit(n_splits=1, test_size=0.2, random_state=42)
tr, te = next(g.split(df, df.label, groups=df.shuka))
assert set(df.shuka.iloc[tr]).isdisjoint(df.shuka.iloc[te])
```

Layin ƙarshe kada ki cire shi, ranar da kika taɓa wani abu rabon ya lalace shi zai yi miki ihu. Kuma ki sani `test_size` a nan kason shukoki ne, don haka hotunan gwaji ba lallai su cika 120 cif ba.

Sadiya A.: Matsalar Malam ban rubuta lambar shuka ba. Sunayen fayil ɗin irin `IMG_20230812_101544.jpg` ne kawai. Guda 170 kuma wani malamin gona ne ya turo min ta WhatsApp daga gonakin Giwa.

Hauwa M.: Na wayarki suna da sauƙi, lokacin yana jikin sunan ma, kuma yana cikin `DateTimeOriginal` na EXIF, wato bayanan da kyamara ke ajiyewa a cikin fayil ɗin hoto. Ki jera su da lokaci. Hotunan shuka ɗaya tsakaninsu daƙiƙa uku ne zuwa goma, tafiya zuwa wata shuka da nemo ganyen kan fi haka. Duk inda tazarar ta yi tsawo ki buɗe sabon rukuni:

```python
df = df.sort_values("lokaci")
df["shuka"] = (df.lokaci.diff().dt.total_seconds() > 40).cumsum()
```

Lambar 40 ɗin ba wahayi ba ce, ni na zaɓa. Ki buɗe rukuni goma ko ashirin ki duba da ido. Kuma in za ki yi kuskure, ki yi shi ta wajen haɗewa. Idan kika haɗa shuka biyu a rukuni ɗaya ba ki yi asarar komai ba sai ɗan sassaucin rabo. Idan kika raba shuka ɗaya gida biyu, yoyon ya dawo.

Na WhatsApp ne ciwon kai. In dai ba a matsayin fayil aka turo su ba, yana matse hoton ya goge EXIF, ya sa masa suna irin `IMG-20230819-WA0014.jpg`, wanda ranar da ya shigo wayarki yake nunawa ba ranar da aka ɗauka ba.

Abba Tech: Wannan ai `md5sum` zai yi maganinsa. A lissafa na kowane fayil, masu iri ɗaya a cire.

Hauwa M.: Zai kama fayil ɗin da aka kwafa sak, ko digo bai canza ba. Hoton da ya bi ta WhatsApp sau ɗaya an sake matse shi, lambarsa ta zama wata daban gaba ɗaya ko da ido ba ya ganin bambanci. Sai dai `imagehash.phash`, wanda ke taƙaita kamannin hoto a bit 64, sai ka ƙirga bit nawa ne suka saɓa tsakanin hotuna biyu. Hoto ɗaya da aka matse ko aka rage girmansa yakan ba da tazara ƙarama ƙwarai. Ni nakan fitar da duk biyun da tazararsu ba ta wuce 8 ba in dube su gefe da gefe. Hotuna 600 kwatanci kusan 180,000 ne, ƙiftawar ido ne ga kwamfuta. Amma kada ki dogara da shi fiye da ƙarfinsa. Idan an juya hoto hagu zuwa dama, ko an ɗauki ganye ɗaya ta wata kusurwa, ba zai gane su 'yan uwa ne ba. Na malamin gonan 170 ɗin, gaskiya ki zauna da shayi ki rarraba su da ido. Ko ki kira shi ki ji ko na asalin suna wayarsa.

Musa Maraɗi: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo da tawa, don ta yi kama da wannan. Ni haruffan ajami nike aiki a kai, na rubutun hannu. Na samu mutum 14 kowa ya rubuta min kowane harafi sau 20. Na raba barkatai na samu 98, da na ba wani dattijo ya rubuta sabo sai abin ya riƙa kuskure kamar bai taɓa ganin ajami ba. Ashe hannun mutane 14 ɗin ya koya. Da na raba da marubuci, 11 horo 3 gwaji, ya sauko 81. Abu na biyu da ya cuce ni shi ne na kwafo jerin ninki daga wani darasi na hotunan karnuka da kyanwoyi, da juyawa hagu-dama a ciki. Kyanwa in ka juya ta kyanwa ce. Harafi in ka juya shi ba harafi ba ne. Yankan gefe kuma yakan tafi da ɗigo, alhali ɗigon ne kawai ya bambanta ba da ta. Don haka ki duba ninkin naki ma, ko akwai wanda ke goge alamar cutar.

Sadiya A.: Na gode Malam Musa. Ka tuna min, na sa `ColorJitter` da `hue=0.3`. Yanzu na buɗe wasu kwafin, akwai ganye mai lafiya da ya koma ruwan ɗorawa, akwai mai zane da ya koma shuɗi-shuɗi.

Malam Kabiru: Cutar da alamarta launin rawaya ce, kin ga ba a wasa da launi haka. Ki mayar da `hue` 0.02 ko ki cire shi. Haske da duhu ki bar su, don rana da hadari suna canza su a gona. Juyawa ta kowace fuska ba laifi ga ganye. `RandomResizedCrop` kuma, in ba ki faɗa masa ba, yana iya yanko kashi 8 cikin 100 na hoton kawai, sai ya yanko gefen da tsutsa ba ta taɓa ba alhali lakabin yana cewa tsutsa. Ki sa `scale=(0.6, 1.0)`.

Sannan ki daina ajiye kwafin a folda. Ki bar ninkin ya riƙa faruwa lokacin da ake ɗauko hoto don horo. Kowane zagaye model zai ga sabon salo, ba tara ɗin nan kullum ba, kuma babu wani fayil ɗin kwafi da zai ɓace ya tsinci kansa a gwaji. Fayil ɗin da babu shi ba ya yoyo.

Abba Tech: Wannan kam na iya shi. Ga yadda nake yi:

```python
ds = ImageFolder("masara", transform=train_tf)
tr, va = random_split(ds, [480, 120])
va.dataset.transform = eval_tf
```

Hauwa M.: Abba ka duba da kyau. `tr.dataset` da `va.dataset` abu ɗaya ne, `ds` ɗin nan dai. Layinka na uku ya kashe ninkin a duka ɓangarorin, ba ka ninka komai ba tun da kake amfani da shi. In ka cire layin kuma, hotunan tantancewa su ma za a riƙa karkata su, makinka ya riƙa rawa. Sai ka buɗe biyu:

```python
tr = Subset(ImageFolder("masara", transform=train_tf), idx_tr)
va = Subset(ImageFolder("masara", transform=eval_tf), idx_va)
```

Lambobin `idx_tr` da `idx_va` daga rabon shuka za su fito, ba daga `random_split` ba, kuma kafin a raba sai jerin `df` ya zama iri ɗaya da na `ImageFolder`. Masu Keras ma suna da irin tarkon, `validation_split` a cikin `ImageDataGenerator` guda ɗaya yana yi wa ɓangarorin biyu ninki iri ɗaya.

Abba Tech: Kai. Wata shida ke nan ina gaya wa mutane ninki ba ya ƙara komai. Bari in je in duba wani abu.

Sadiya A.: Ga inda na kwana, bayan kwana biyu. `phash` ya kamo hotuna 23 da suka shigo sau biyu, yawanci waɗanda malamin gona ya sake turowa, na cire, saura 577. Na samu rukunin shuka 138. Na ware 28 don gwaji, hotuna 115, ban sake taɓa su ba sai yau. Cikin sauran 110 na ware 22 don zaɓen zagaye da saurin koyo. Gwajin lakabin ƙarya, wannan karon ƙuri'a ɗaya ga kowace shuka, ya ba da 36. Na gaskiya kuma: babu ninki 78, da ninki 84. Daga 99.2 zuwa 84. Ban san da wane baki zan gaya wa sufabaiza ba.

Hauwa M.: Ki lura da abu ɗaya dai: a da ba ki da hanyar sanin ko ninkin yana amfani. Yanzu kin ga 78 da 84 a kan shukokin da model bai taɓa gani ba.

Malam Kabiru: Haka ne, amma a yi hattara da 84 ɗin ma. Hotuna 115 ne, kowane ɗaya kusan maki ɗaya ne. In an ɗauke su a matsayin masu zaman kansu, makin na iya motsawa da wajen 7 sama ko ƙasa. Ba masu zaman kansu ba ne kuwa, shukoki 28 ne, in da shuka za a ƙirga motsin ya kusa 14. Gaskiyar tana tsakani. Saboda haka tazarar 78 da 84 daga rabo guda ba hujja ce mai ƙarfi ba tukuna. Ki yi `StratifiedGroupKFold` gida biyar, yana cikin scikit-learn tun sigar 1.0, zai riƙe shuka a haɗe kuma ya yi ƙoƙarin kowane gida ya samu rabonsa na masu zane, tunda su ne 'yan kaɗan. Kowane gida ki horar da ninki da babu ninki, da saiti ɗaya da kika riga kika tsayar. In ninki ya ci a gida huɗu ko biyar, kina da abin faɗa. Da ResNet18 da hotuna ƙasa da 600 aikin yamma ɗaya ne a Colab.

Baffa Sule: Tambaya daga ɗan koyo. Tunda masu zanen sun yi kaɗan a gwaji, me zai hana a ninka na gwajin su kaɗai bayan an raba? Ai ba su haɗu da na horo ba.

Malam Kabiru: Tambaya ce mai kyau Baffa. Ba yoyo ba ne, amma ƙidayar ƙarya ce. In shuka biyar masu zane ne a gwaji ka ninka hotunansu suka zama 200, har yanzu shuka biyar ka gwada, sai dai teburinka zai nuna kamar 200 ne. Abin da ya dace shi ne a bar su yadda suke a ba da makin kowane kala daban. Akwai wani abu da ake yi mai kama da shi wanda ya halatta: lokacin hasashe a nuna wa model hoto ɗaya ta fuska huɗu a haɗa amsoshin su zama amsa ɗaya. Nan hoto ɗaya ƙuri'a ɗaya ce, kuma haka za a yi a gona ma.

Musa Maraɗi: Ni ina da ja a kan rabo da shuka. Manomin da zai yi amfani da abin ba a gonakin nan shida yake ba. Ƙasarsa daban, irin masararsa daban, wayarsa daban. In shukar gwaji tana maƙwabtaka da shukar horo, rana ɗaya, waya ɗaya, hannu ɗaya, ai har yanzu 'yan gida ɗaya ne. A ganina da gona ya kamata a raba, kamar yadda na raba da marubuci. A aikin PlantVillage na 2016, na gano cutar ganye daga hoto, sun kula da maganar ganye ɗaya kada ya rabu gida biyu, suka samu 99.35, amma da aka gwada da hotunan da aka ɗauka a wani yanayi ya faɗo wajen 31.

Hauwa M.: A ƙa'ida ka fi ni gaskiya, amma gona shida ce fa. In ta ware ɗaya, makin labarin gonar nan ɗaya ne, ba na ƙasa ba. Kuma in cutar zane a gona biyu kawai take, ranar da aka ware ɗayarsu rabin misalan horo sun tafi. Ni a ganina tambaya biyu ce daban, sabuwar shuka a gonar da aka sani, da sabuwar gona. Ta ba da duka biyun ta faɗi wanne ne wanne.

Musa Maraɗi: In aka ba da biyu, babban ne zai hau shafin farko, ƙaramin ya koma rataye a baya. Mun san halinmu.

Sadiya A.: Na gwada na Malam Musa da `LeaveOneGroupOut`, gona ɗaya a waje kowane karo. Na Saminaka huɗu: 86, 80, 79, 74. Na Giwa biyu: 66 da 61. Hotunan gonar kawuna 40 kuma yanzu 29 yake ganewa maimakon 23. Amma ga abin da ya tsaya min a rai. Da nake rarraba na WhatsApp da ido na lura cikin masu zane 84 da suka rage, 70 daga malamin gonan suke. Nawa na waya 14 ne kacal.

Malam Kabiru: To wannan wata sabuwa ce, kuma babu irin rabon da zai gyara ta. Hotunansa wata waya ce ta ɗauka, WhatsApp kuma ya matse su. Model na iya koyon cewa hoto mai laushin matsi da launin wayarsa shi ne zane, ba tare da ya kalli ganyen ba, kuma zai ci maki a gwajin shuka don can ma haka abin yake. Ki duba 14 ɗin nan naki a sakamakon gida biyar, nawa ya gane. Sannan ki tura wa kanki hotunan masu lafiya 30 na gwaji ta WhatsApp, ki sauke su ki ba shi, ki ga ko wasu sun koma zane.

Abba Tech: Akwai `ImageCompression` a Albumentations, in ta sa shi a ninkin horo duk hotunan za su riƙa zuwa a matse wani lokaci, sai alamar ta daina amfani. Wannan karon na gwada kafin in yi magana 😅

Hauwa M.: Zai rage na matsin. Launin kyamarar wayarsa da yadda yake riƙe ganye ba zai goge su ba. Ni da ita ce, Giwa zan koma da wayata.

Sadiya A.: Cikin 14 ɗin 6 ya gane. Cikin 30 da na tura wa kaina, 4 sun koma zane, alhali kafin turawa ɗaya ne. Masara ta kusa girbi, ban sani ba ko zan samu ganye mai kyau in na koma, kuma kuɗin mota ma magana ce. Na kira malamin gonan ya ce na asalin suna tsohuwar wayarsa da ya ba ƙaninsa, zai duba ranar Juma'a. Teburin da zan kai wa sufabaiza gobe layi uku ne, 99.2 da bayanin yadda aka yi ya fito, 84 na shuka, sai na gona-gona. Malam Musa, na gona-gonan ne a sama.

Musa Maraɗi: Sai mun ji yadda kuka ƙare da shi. In wayar ƙanin ta fito, ki ce ya turo su a matsayin fayil, kada ya sake bi da su ta hanyar hoto.